Madubin Banɗaki: Daga Gefe Yake Fara Lalacewa

Damina biyu kacal madubin banɗakinmu ya yi kafin baƙi ya fara cin gindinsa. Da farko wani ɗan tabo ne a kusurwar hagu ta ƙasa, bai fi ƙwayar wake ba. Uwargida ta ɗauka datti ne, ta sa soso da sabulu ta dirza, bai ko gezau ba. Kafin hunturu ya fita tabon ya bi gindin madubin kaf, ya yi sama kamar yatsa biyu, bakinsa a cinye kamar takardar da wuta ta lasa. Na cire shi na kai wa wani dattijo mai yankan gilashi a unguwarmu. Bai ko dubi fuskar madubin ba, ya juya shi ya sa farce a bayan, fentin ya ɓanɓaro kamar ɓawon gyaɗa. Ya ce, "Malam, ai wannan ba daga gaba aka ci shi ba. Ruwa ya kwana a gindinsa, kuma wanda ya manna maka shi da silikon ɗin taga ya manna."

Tun daga ranar na daina kallon madubi a matsayin gilashi kawai. Yawancinmu idan za mu saya, fuskar muke duba: girmansa, kyan firam ɗinsa, ko yana da fitila a jiki. Amma abin da zai yanke hukuncin ko zai yi shekara biyu ko ashirin yana can baya da kuma gefe, inda ba kowa ke leƙawa ba.

Abin da ke bayan gilashin

Gilashin da ke gaba ba shi ke nuna fuska ba, kariya ce kawai. Abin da ke mayar da hoto wani shafe ne na azurfa da aka kwantar a bayansa, ta hanyar haɗin sinadarai da wani masani Bajamushe, Justus von Liebig, ya fito da ita a 1835. Azurfar ba ta da yawa ko kaɗan. A faɗin mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi, nauyinta da ƙyar yake kai giram ɗaya, kuma kaurin silin gashi ya ninka nata sau ɗaruruwa. Duk wadda ta taɓa ajiye zobe ko awarwaron azurfa ta san yadda yake yin baƙi idan ya daɗe a iska. Zobe dai ana goge shi ya dawo fes, domin akwai sauran azurfa a ƙarƙashi. Shafen madubi ba shi da ƙarƙashi. Inda ya ci, ya ci ke nan.

Saboda haka masana'anta ke rufe azurfar. A tsohon tsari ana bin ta da shafen tagulla, wato jan ƙarfe, sannan a bi da fenti hawa ɗaya ko biyu. Muddin wannan rufi yana nan lafiya, ruwa ba ya kaiwa ga azurfa. Matsalar ita ce madubi a manyan falle yake zuwa, sai mai gilashi ya yanka shi daidai awon da aka ba shi. Duk inda abin yanka ya bi, to gilashi da azurfa da tagulla da fenti sun fito fili a jere, kamar yankakken burodi mai haɗi a ciki. Ta wannan kafa danshi ke shiga. Tagullar ce ke fara tsatsa, fentin ya saki, sai azurfar ta biyo baya. Gindin madubi ne ke fara kamuwa saboda duk ruwan da ya sauka a fuskarsa can yake gangarawa ya maƙale.

Ruwa zalla a hankali yake ɓarna. Abin da ke hanzarta ta shi ne abin da ruwan ya ɗauko. Maganin goge gilashi da yawa na ɗauke da amoniya, wadda ke narkar da tagulla. Bilic ɗin da ake wanke masai da shi da asid ɗin da ake cire dattin tayil da shi, dukansu maƙiyan bayan madubi ne, ko da fantsama ce kawai ko tururinsu a rufaffen ɗaki. Akwai kuma wanda ba a cika kawo shi a rai ba: warin da ke tasowa daga magudanar ƙasa idan ba ta da lanƙwasar da ke riƙe ruwa, ko kuma ruwan cikinta ya bushe. Wannan wari mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai iska ce mai ɗauke da farar wuta, kuma ita ce ainihin abin da ke sa azurfa baƙi. Banɗakin da ke yawan wannan wari yana bukatar mai gyaran famfo kafin ya bukaci sabon madubi. Tun da an ambaci sinadaran nan, kada a kuskura a haɗa bilic da asid, ko bilic da wani abu mai amoniya, domin iskar da haɗin ke fitarwa guba ce.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane ko tabo a fuska yake ko a baya. Ka matso ka kalle shi ta gefe. Tabon da ke kan fuskar gilashi, irin farin da ruwan rijiyar burtsatse ke bari, za ka gan shi da ɗan'uwansa a bayansa, wato hotonsa a cikin azurfa. Wannan yana goguwa. Tabon da ke jikin azurfar shi kaɗai yake, ba shi da tagwai, farce kuma ba ya jin sa. Wannan babu maganin da zai fitar da shi.

A gaban mai gilashi

Ko a Ƙofar Ruwa ta Kano kake, ko a Dei-Dei ta Abuja, ko a shagon mai gilashin bakin titinku, tambaya ta farko ita ce irin shafen da ke baya. Daga shekarun 1990 manyan masana'antu suka fara yin madubin azurfa marar tagulla. A maimakon tagullar, ana wanke azurfar da wani sinadarin kuza da ke sa fenti ya kama ta da kyau, sannan a bi da fenti hawa biyu. Tun da an cire abin da ke fara tsatsa, gefensa ya fi jure danshi nesa ba kusa ba. Wannan shi ne na banɗaki. Ba wai ba ya lalacewa ba ne sam, yana dai daɗewa sosai kafin ya kamu.

Launin fentin baya ba hujja ba ne, domin kowace masana'anta da launinta. Abin dubawa shi ne rubutun da ake bugawa a bayan fallen. Kayan kirki sukan zo da sunan masana'anta a jere, wani lokaci da bayanin cewa babu tagulla, wani lokaci da lambar EN 1036. Wannan lamba ƙa'idar Turai ce ta ingancin madubin azurfa, kuma a cikin gwajinta akwai ajiye madubi a cikin feshin ruwan gishiri na awa 480 a ga iya inda tsatsa za ta ci daga gefe. Idan bayan fallen wayam yake babu rubutu, mai shago kuma bai san daga inda ya fito ba, ka ɗauka mai arahar ne, ka biya kuɗin mai araha.

Akwai kuma madubin da aka shafa wa alminiyum a maimakon azurfa. Shi ne ya fi yawa a ƙananan madubai masu firam ɗin roba. Ya fi araha, hotonsa ya ɗan fi duhu da toka-toka idan aka jera su, kuma galibi a kan siririn gilashi ake yin sa da fenti hawa ɗaya. A ɗakin kwana zai yi aikinsa. A banɗakin da ake wanka kullum ba na ba da shawararsa.

Sai kauri. Mai milimita 3 ya yi siriri ga madubin da ya wuce girman faranti, domin yana lanƙwasawa ya bi karkatar bango, sai ka ga fuska ta miƙe ko ta kumbura. Milimita 4 ya wadatar ga matsakaici, 5 ko 6 ga babba. Lissafin nauyi ba shi da wuya: kowace milimita ta kauri kilo biyu da rabi ce a kan faɗin mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi. Madubi mai santimita 60 da 70, mai kaurin milimita 5, zai yi kilo biyar da ɗan wani abu. Ƙusoshi huɗu masu kyau sun ishe shi. Kafin ka biya, ka ja da baya taku uku, ka nemi wani miƙaƙƙen layi a cikinsa, kamar gefen ƙofa ko turken wuta, ka ɗan motsa kai hagu da dama. Idan layin na rawa kamar a cikin ruwa, ka ajiye ka ɗauki wani.

Abin da ya fi dukan waɗannan saurin mantuwa shi ne gyaran baki. Madubin da aka yanka aka miƙo maka haka nan yana da kaifi, yana kuma da ƙananan tsage-tsage a gefen fenti waɗanda ido ba ya gani. Ka sa a goge bakin ya yi sumul, a wanke shi da ruwa mai tsabta, a bar shi ya bushe sarai, sannan a shafa abin rufe baki a gefuna huɗu, ya ɗan hau kan fentin baya kamar rabin santimita. Akwai maganin da aka yi musamman don wannan. Inda babu shi, banish marar launi hawa biyu ya fi babu, sai dai yana bukatar sabuntawa. Idan akwai yara a gida, ka nemi a manna ledar kariya a bayan, wadda ke riƙe ɓaraguzai idan ya fashe.

Firam kuwa, na katakon garin itace da aka matse yana shan ruwa ya kumbura, sannan ya riƙe danshi a daidai bakin madubin da ake son karewa. Na alminiyum ko na roba ya fi, da sharaɗin akwai ƙananan huji a sandar ƙasa da ruwa zai zurare. Firam marar huji kwatami ne. Ni dai a banɗaki na fi son marar firam mai gogaggen baki, domin ina iya kai tsumma ko'ina a jikinsa.

Tsayi da mazauni

Mutane kan ɗauka idan suka ja baya za su ƙara ganin jikinsu a madubi. Ba haka ba ne. Madubin da ke tsaye a bango yana nuna maka ninki biyu na tsawonsa a jikinka, ko kana kusa ko kana nesa. Daga nan ake samun ƙa'idar awo: don ka ga wani wuri a jikinka, dole madubin ya kai tsakiyar tazarar da ke tsakanin idonka da wannan wurin.

A ɗauki gida mai mutum uku. Maigida tsawonsa santimita 178, idonsa yana wajen 167 daga ƙasa. Don ya ga tsakar kansa, saman madubi ya kai 173. Amma yana son ya ga zaman hularsa, wadda ke ƙara masa kamar santimita 10, sai lissafin ya koma tsakiyar 167 da 188, wato kusan 178. Uwargida mai tsawon 158 ba ta da matsala da sama, ko da ta kafa ɗauri mai tsayi. Yaro mai tsawon 125 shi ke yanke inda gindi zai tsaya: idonsa na wajen 115, haɓarsa wajen 105, don haka gindin madubi kada ya wuce 110 idan ana son ya ga bakinsa yana goge haƙori. Daga 110 zuwa 180, tsawon santimita 70 ke nan. Kwamin wanke hannu yawanci yana tsayin 80 zuwa 85, kan famfo ya kai wajen 100, don haka gindin madubin yana sama da bakin kwamin da santimita 25, sama da famfon da 10. Wannan tazara ce ke raba shi da yawancin fantsamar wanke fuska da alwala. Idan yaron ƙarami ne sosai, a sama masa 'yar kujerar takawa ya fi a sauko da madubi bakin famfo. Faɗi kuwa, daidai da na kwamin ko ƙasa da shi kaɗan ya fi kyan gani.

Banɗakunanmu da yawa ba su da shamaki tsakanin wurin wanka da wurin wanke hannu. Shawa ce ko bokiti a gefe ɗaya, ruwa na kaiwa ko'ina, ranar wanki kuma a watsa wa bango ruwa har sama. A irin wannan ɗaki, a nemi bangon da ya fi nisa da inda ake tsayawa wanka, aƙalla santimita 60 daga iyakar da ruwa ke fantsama, in an samu mita ɗaya ya fi. Labulen wanka na leda, duk da arahar sa, yana ƙara wa madubi shekaru. A kuma guji bangon da ke jiƙewa daga ciki, wanda fentinsa ke kumbura ko yake fitar da farin gishiri da damina, ko wanda bututu ke yoyo a cikinsa. Sabon filasta ma haka: siminti yana da kaifin da ke cin fentin madubi, sai ya bushe sarai an shafa masa fenti tukuna.

Haske a fuska ake son sa, ba a madubi ba. Idan taga tana bayanka, fuskarka za ta yi duhu a ciki. Ƙwan fitila ɗaya a tsakiyar silin yana jefa inuwa ƙarƙashin ido da haɓa, daidai inda mai aski da mai kwalliya ke son gani. Fitila a gefe da gefe daidai tsayin ido ita ce mafi kyau, in ba ta samu ba a sa doguwa a saman madubin. Kafin a huda bango kuma, mutum ɗaya ya riƙe madubin a wurin, wani ya tsaya a bakin ƙofa da wajen taga ya duba abin da yake nunawa. Sau da yawa madubi kan kai ido inda ƙofa a ɗan buɗe ba ta kaiwa, wannan kuwa batun sutura ne.

Yadda ake kafa shi

A nan madubina na farko ya samu matsala. An shafa silikon a bayansa dunƙule-dunƙule, aka danna shi ya lafe da tayil, gindinsa na zaune daram a kan 'yar kantar ajiye sabulu, sannan aka bi gefuna huɗu aka toshe don ya yi kyau. Kuskure uku a aiki ɗaya.

Na farko, irin silikon ɗin. Wanda aka fi samu a kasuwa, na taga da akwatin kifi, yana fitar da asid yayin da yake bushewa. Hancinka zai gaya maka: yana warin ruwan kal, wato binega. Wannan asid yana ratsa fentin baya, bayan wata da watanni sai ka ga tabo a tsakiyar madubi daidai siffar inda aka shafa shi. Wanda ya dace shi ne marar wannan wari, wanda aka rubuta a jikin kwalinsa cewa na madubi ne. Ana shafa shi layi-layi daga sama zuwa ƙasa, faɗin kowane layi kamar santimita ɗaya, tazarar santimita 15 zuwa 20 a tsakani, a kuma tsaya nesa da gefe da 'yan santimita. Layin tsaye yana barin iska ta wuce gam ya bushe, ruwa kuma ya zurare. Layin kwance ko zagaye tarkon ruwa ne. A tokare madubin daga ƙasa kwana ɗaya zuwa biyu kafin a saki.

Na biyu, rashin tazara. Bayan madubi yana son rata ta kamar milimita 3 zuwa 5 tsakaninsa da bango, gindinsa kuma kada ya taɓa komai. Ko milimita 5 aka bari tsakaninsa da kanta ko tayil, ɗigon ruwa zai faɗi a maimakon ya kwana. Na uku, toshe gefuna. Danshi ba ya rasa kafar shiga, idan kuma an toshe ko'ina ba shi da ta fita. In dole sai an toshe, a yi sama kawai a bar gindi a buɗe.

Ni yanzu na fi son maƙalai masu ƙusa a kan gam, musamman a gidan haya, domin ana iya sauke madubin a duba bayansa, a kuma tafi da shi in an tashi. A nemi na ƙarfe marar tsatsa, masu roba a ciki don kada ƙarfe ya taɓa gilashi ko ya karce fenti, kada kuma a ɗaure su tamau. Mai huda tayil ya manna salatif a wurin don kada bakin injin ya zame, ya kashe bugun injin har sai ya wuce tayil ɗin. Ya kuma tuna cewa bututun ruwa da wayar wuta galibi a miƙe suke tafiya sama ko ƙasa daga famfo da makunni. Kada a huda a kan wannan layi.

Gumin madubi

Iska mai ɗumi ta fi mai sanyi ɗaukar ruwa. A digiri 30, iskar da ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowane ɓangare tana iya riƙe kusan giram 30 na ruwa. A digiri 18, kusan 15 kawai. Da asubar hunturu madubi ya kwana cikin sanyi, a ce yana digiri 18. Aka shigo da bokitin ruwan zafi ko aka kunna hita, iskar ɗakin ta hau 26, ta sha tururi har ta kai giram 20. Duk iskar da ta taɓa madubin sai ta huce, ta kasa riƙe abin da ta ɗauko, ta sauke rarar a kansa. A ƙaramin banɗaki, ruwan da bai wuce rabin kofin shayi ba idan ya zama tururi ya isa ya jawo haka. Ƙananan ɗigo ne birjik, kowanne na karkatar da haske, shi ya sa madubin ke yin fari. Daga baya su haɗu su gangara gindi, inda ɓarnar take.

Magani iri uku ne: a rage tururin, a ɗumama madubin, ko a hana ruwan tsayawa ɗigo-ɗigo. Na farkon ya fi kowanne amfani domin yana kare bango da silin da ƙofa ma. Taga a buɗe da rata ta santimita ɗaya a ƙarƙashin ƙofa suna sa iska ta ratsa. Banɗakin da ba shi da taga, irin na cikin ɗaki da ake yawan ginawa yanzu, yana bukatar fanka mai zuƙe iska. A Ingila ƙa'idar gini ta sa mafi ƙarancin ƙarfinta a lita 15 cikin daƙiƙa ɗaya, kuma ƙaramar fanka mai inci 4 tana iya hakan. Sharaɗin shi ne ta fitar da iskar waje, ba cikin silin ba, a kuma bar ta tana aiki kwata ɗaya na awa bayan an gama wanka.

Madubin da ake tallarsa da cewa ba ya gumi, yawanci wata siririyar shimfiɗa ce mai wayar ɗumama aka manna a bayansa. A misalinmu, da zarar gilashin ya haura digiri 23 ko 24, ruwa ba zai sauka a kansa ba. Iya inda shimfiɗar ta rufe ne kawai ke zama garau, don haka a tambayi girmanta, ba girman madubin ba. Mai santimita 40 da 50 tana cin kimanin wat 40, kuma tana son 'yan mintoci kafin ta ɗumama, sai a kunna ta kafin a fara wanka. Rabin awa kullum na wata guda bai kai yunit ɗaya a mita ba. Amma wuta da ruwa ne a ɗaki ɗaya, ba aikin ɗan koyo ba ne. A duba alamar IP44 ko sama da haka, wadda ke nufin yana jure fantsamar ruwa. Ƙwararren mai wuta ya haɗa shi, a kan layin da ke da na'urar yanke wuta idan ta zurare, wadda ake rubuta wa RCD 30 mA, kada kuma a bar haɗin waya da salatif a bayan madubi. Idan mai fitila ne a jiki, a tambaya ko ƙaramin akwatin da ke ba fitilar wuta yana canzuwa, domin shi ne ke fara ƙonewa inda wuta ke hawa da sauka.

A ganina, mazaunin Jos, ko mai rufaffen banɗaki da hita a jikin ɗaki mai na'urar sanyaya iska, kuɗinsa ba zai tafi a banza ba. Mazaunin Sakkwato ko Maraɗi da ke wanka da ruwan sanyi wata tara ko goma a shekara, ya sa kuɗin a madubi marar tagulla da gyaran baki. Na 'yan makonnin sanyi, akwai dabara ta uku. A ɗiga sabulun wanke kwanuka ko kumfar aski a busasshen tsumma, a shafa a fuskar madubin, a goge har ya yi garau. Siririn sabulun da ya rage yana sa ruwa ya bazu shimfiɗe a maimakon ɗigo, sai a ci gaba da gani. Yana yin 'yan kwanaki a sake. Ledar da ake mannawa da feshin hana gumi ma haka suke aiki, kuma suna raguwa da yawan goga. Sai dai su gani kawai suke gyarawa, ruwan yana nan yana gangarawa, don haka sai an tsane gindin.

Wajen tsaftacewa, ruwan ɗumi da tsumma mai laushi sun wadatar. In za a yi amfani da magani, a fesa a tsumma, kada a fesa a madubi. Farin ruwan burtsatse yana fita da tsumman da aka ɗan jiƙa da ruwan kal mai sirki, a tsaya nesa da gefe, a bi da ruwa, sannan a bi gefunan da busasshen tawul, musamman na ƙasa.

Wanda baƙi ya riga ya kama, gilashinsa ba a ƙone yake ba kamar na mota, don haka yana yankuwa. Dattijon nan ya aza nawa a kan teburinsa mai shimfiɗar bargo, ya auna santimita 6 daga gindi, yatsa guda sama da inda baƙin ya tsaya, ya ja abin yanka sau ɗaya, ya ɓalle ɓangaren da ya lalace. Ya kankare tsohon silikon a hankali, ya goge bakin, ya shafa masa banish hawa biyu. Tabo biyu na tsakiya da silikon ya bari suna nan ba su fita ba, shi ya sa muka mayar da shi falo kusa da ƙofa, inda babu danshi. Na banɗakin sabo ne marar tagulla, mai milimita 5, a kan maƙalai huɗu, gindinsa na santimita 110 daga ƙasa, da ɗan tawul rataye a gefensa.